Bokitin Nan Lita Nawa Yake Ci?

A birnin Maiduguri, ruwan gidaje da yawa ba ta famfo yake shigowa ba. Mai moya ne, watau ɗan garuwa, yake turo shi a kura cikin jarkoki, ko kuwa yara su ɗebo daga rijiyar burtsatse ta unguwa. Da ya shigo gida sai a juye shi a bokiti, ko baho, ko duro. A lokacin lafiya ba wanda ya damu da sanin ainihin yawan ruwan da kowane mazubi yake ci. Amma a watan Agusta na 2017, cutar amai da gudawa ta ɓulla a sansanin 'yan gudun hijira na Muna Garej. A ranar 10 ga Satumba, 2024 kuma, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya malale Gwange da Fori da Kasuwar Litinin, har ya shiga fadar Shehun Barno, rijiyoyi suka gauraya da shadda, cutar ta sake ɓulla a watan Oktoba. A irin waɗannan lokatai ma'aikatan lafiya sukan raba ƙwayoyin kulorin na tsabtace ruwan sha, kuma a jikin takardar kowace ƙwaya an rubuta yawan litar ruwan da za a jefa ta a ciki.

To, a nan wahalar take. Umurnin yana magana da lita, mazubin gida kuwa ba ya faɗin litar da yake ci. Jarka tana da awonta a jiki, lita 20 ko 25. Garwar kananzir ta dā, wadda 'yan garuwa suka samo suna daga gare ta, galan 4 take ci, watau kimanin lita 18. Amma bokiti da baho iri-iri ne, kuma da yawansu ba su da wani rubutu, ko kuwa ya goge. Daɗin daɗawa, bakinsu ya fi gindinsu faɗi, ido kuwa baki yake gani. Saboda haka mutum yakan zaci bokiti ya fi yadda yake.

Wannan darasi zai nuna yadda za a san litar da irin wannan mazubi yake ci daga awo uku kawai, da dalilin da ya sa lissafin yake fita daidai, da wuraren da akan yi kuskure.

Awo uku da ake bukata

Abin da za a tanada shi ne tef ɗin tela ko rula, da miƙaƙƙen kara guda biyu, da fensir da takarda. Za a yi awon duka da santimita. Tef ɗin tela yana da fuska biyu, ɗaya inci, ɗaya santimita. Fuskar da lambobinta suka fi matsuwa ita ce ta santimita.

Awo na farko shi ne faɗin baki. A ɗora tef daga gefen ciki zuwa gefen ciki, ya bi ta tsakiyar bakin. Hanyar gane tsakiya ita ce a riƙe kan tef ɗin wuri ɗaya, a riƙa karkata ɗaya gefen dama da hagu. Inda lamba ta fi girma, nan ne faɗin gaskiya. Kada a haɗa da leɓen bokiti da ya naɗe waje, domin ruwa ba ya zama a cikin leɓe.

Awo na biyu shi ne faɗin gindi, shi ma daga ciki. Tef ba ya kwanciya sosai a can ƙasa, don haka sai a yi ta rage kara kaɗan kaɗan har ya kwanta a gindin, kawunansa biyu suna taɓa bango. Sa'an nan a fito da shi a auna.

Awo na uku shi ne zurfi. A gitta kara ɗaya a kan bakin, a tsayar da na biyu cak a gindin, a yi alama inda suka haɗu. Wannan tsayuwa ta tsaye ita ce zurfi. Tsawon bangon da ya karkata ba shi ne zurfi ba, kuma za a ga illar rikita su nan gaba.

Yadda ake lissafin

A ɗauka wani magidanci a Gwange ya auna bokitin gidansa, ya sami faɗin baki santimita 30, faɗin gindi santimita 22, zurfi santimita 28. Ga matakan da zai bi.

Da farko zai fitar da lambobi uku. Ya ninka faɗin baki da kansa: 30 sau 30, ya ba da 900. Ya ninka faɗin baki da faɗin gindi: 30 sau 22, ya ba da 660. Ya ninka faɗin gindi da kansa: 22 sau 22, ya ba da 484. Sai ya tara ukun: 900 da 660 da 484, jimla 2,044.

Na biyu, ya ninka jimlar da zurfi: 2,044 sau 28, ya ba da 57,232.

Na uku, ya ninka abin da ya samu da 11, sa'an nan ya raba da 42. Lamba 57,232 sau 11 ita ce 629,552. In an raba da 42 za a sami 14,989.

Wannan amsa da mililita take, watau ƙaramin awon nan da ake gani a jikin sirinji. Mililita ɗaya ita ce ruwan da zai cika ɗan akwati mai tsawo da faɗi da zurfi santimita ɗai-ɗai, kuma 1,000 daga cikinta ke yin lita ɗaya. Don haka mataki na ƙarshe shi ne a raba da 1,000. Bokitin magidancin nan yana cin lita 15, saura ɗan abin da bai kai cokali ba, in an cika shi har baki.

Ɗalibai za su tarar da ƙa'idar a littattafan lissafi da haruffa kamar haka, inda D yake faɗin baki, d faɗin gindi, h kuma zurfi:

```
V = π × h × (D² + D×d + d²) ÷ 12
```

Alamar π ita ce yawan ninkin da kewayen da'ira ya fi faɗinta, kimanin 22 bisa 7. In an raba 22 bisa 7 da 12, abin da yake fita shi ne 11 bisa 42. Daga nan waɗancan lambobi biyu suka fito. Mai na'urar lissafi a wayarsa yana iya ninkawa da 0.2618 kai tsaye, amsar ɗaya ce.

Me ya sa ƙa'idar take haka?

Wanda ya haddace ƙa'ida bai san tushenta ba, ranar da ya manta rabinta ba shi da yadda zai gyara. Tushen wannan kuwa bai da wuyar fahimta.

A fara da mazubi mai miƙaƙƙen bango, kamar gwangwanin madara ko duro. Ruwan da yake ci shi ne filin gindinsa sau zurfinsa. Filin da'ira kuwa shi ne faɗinta sau kansa, sau 11, a raba da 14. Sai a dubi mazurari, wanda yake da faɗin baki amma ya tsuke har ya zama tsini. In mazurari da gwangwani suna da faɗin baki ɗaya da zurfi ɗaya, sai an juye cikin mazurarin sau uku kafin gwangwanin ya cika. Malamin makaranta yana iya gwada wannan da kwali da yashi a gaban ajinsa. Ke nan mazurari sulusin gwangwani ne, kuma in an ninka 14 sau 3 za a sami 42 ɗin nan.

Bokiti ba kome ba ne illa dogon mazurari da aka yanke wa tsini, aka liƙa masa gindi. Bokitin Gwange ya tsuke daga 30 zuwa 22, watau santimita 8, a cikin zurfin santimita 28. Ke nan kowane santimita ɗaya na tsukewa yana bukatar zurfin santimita 3 da rabi. Da bangon ya ci gaba da gangarawa har sauran 22 ɗin su ƙare, da sai ya ƙara 22 sau 3 da rabi, watau santimita 77. Cikakken mazurarin yana da zurfin 28 da 77, watau 105.

Yanzu sai a lissafa mazurarai biyu. Babban yana da baki 30 da zurfi 105: 900 sau 105 sau 11, a raba da 42, ya ba da 24,750. Ƙaramin da aka yanke yana da baki 22 da zurfi 77: 484 sau 77 sau 11, a raba da 42, ya ba da 9,761. A ɗebe ƙarami daga babba, saura 14,989. Ita ce amsar da aka samu ɗazu. Ƙa'idar lambobi uku gajeriyar hanya ce ta wannan ɗebewa, wadda take hutar da mutum neman tsinin da babu shi.

Wannan sani daɗaɗɗe ne. Akwai wata takarda ta mutanen Misra na dā, wadda aka rubuta wajen shekara 1850 kafin haihuwar Annabi Isa, tana ajiye yanzu a birnin Mosko. A cikinta an lissafa dalar da aka yanke wa kai, mai gefe 4 a ƙasa, 2 a sama, tsayi 6. Marubucin ya tara 16 da 8 da 4, ya ninka da sulusin tsayi, ya sami 56. Lambobi ukun nan ne dai: babba sau kansa, babba sau ƙarami, ƙarami sau kansa. Haka kuma Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, ya kawo misalin ginshiƙi mai kamu 4 a ƙasa, 2 a sama, tsayi kamu 10. Ya cika shi zuwa tsini, ya ɗebe abin da ya ƙara, ya sami 93 da sulusi. Ya kuma nuna cewa in abin kewayayye ne, sai a rage subu'i da rabin subu'i daga faɗi sau kansa. Wanda ya ɗebe ɗaya bisa 7 da ɗaya bisa 14 daga ɗaya, abin da zai rage masa shi ne 11 bisa 14.

Kurakurai huɗu, da yadda ake gane su

Kuskure na farko, kuma mafi girma, shi ne a yi lissafi da faɗin baki kaɗai, kamar bokitin duro ne. A bokitin Gwange, 900 sau 28 sau 11, a raba da 14, ya ba da 19,800, watau kusan lita 20. Wannan shi ne lissafin da ido yake yi ba tare da mutum ya sani ba, shi ya sa akan kira bokiti mai lita 15 da mai lita 20. An ƙara masa sulusi na ruwan da ba ya ci.

A baho abin ya fi muni, domin bangonsa ya fi kwantawa. A ɗauki baho mai faɗin baki 60, faɗin gindi 36, zurfi 16. Lambobi ukun su ne 3,600 da 2,160 da 1,296, jimla 7,056. Sau 16 ya ba da 112,896. Sau 11 a raba da 42 ya ba da 29,568. Bahon yana cin lita 29 da rabi da 'yan kai. Wanda ya yi lissafi da baki kaɗai zai sami lita 45, ya ƙara fiye da rabi.

Kuskure na biyu shi ne auna tsawon bango a maimakon zurfi. Mutum yakan kwantar da tef a jikin bangon daga leɓe zuwa gindi, domin ya fi sauƙi. A bokiti illar kaɗan ce: bangon na Gwange santimita 28.3 ne, zurfinsa 28, bambancin kashi ɗaya ne cikin ɗari. Amma a bahon nan bangon santimita 20 ne, alhali zurfin 16. Wanda ya sa 20 zai sami lita 37 a maimakon 29 da rabi, ƙarin rubu'i ke nan. Duk lokacin da baki ya fi gindi nesa ba kusa ba, lalle ne a yi amfani da karan nan biyu.

Kuskure na uku shi ne auna daga waje. Faɗi yana shiga lissafin sau biyu, don haka ɗan kuskure a cikinsa yana girma. In an rubuta 31 a maimakon 30, amsar bokitin takan tashi zuwa lita 15.6. In kuwa an haɗa da leɓe aka rubuta 33, sai ta kai lita 16.9. Haka nan bokitin ƙarfe yakan kasance da zobe a ƙasa wanda ya ɗaga gindinsa daga ƙasa. Tsayinsa daga waje ya fi zurfinsa na ciki.

Kuskure na huɗu shi ne karanta fuskar inci ta tef. Alamarsa a fili take: amsar takan ragu fiye da sau 16, har babban bokiti ya fito bai kai lita ɗaya ba. Wanda rularsa ta inci ce kawai, sai ya ninka kowane awo da 2.54 tun kafin ya fara lissafi.

Akwai kuma wata gajeriyar hanya da magina da 'yan kasuwa sukan bi: a tara faɗin baki da na gindi, a raba biyu, a yi lissafi kamar na duro da wannan matsakaicin faɗi. Ba a sa ta cikin kurakurai ba, domin tana kusa da gaskiya. A bokitin Gwange matsakaicin 26 ne. 676 sau 28 sau 11, a raba da 14, ya ba da 14,872, ƙasa da gaskiya da kimanin rabin kofin shayi. A bahon matsakaicin 48 ne, amsar lita 29, ƙasa da gaskiya da fiye da rabin lita. Kullum amsarta tana gazawa kaɗan, ba ta taɓa wucewa, kuma gazawar tana ƙaruwa gwargwadon tazarar baki da gindi. Babban amfaninta shi ne binciken amsa. In amsar cikakkiyar ƙa'ida ta fito ƙasa da ta gajeriyar hanya, ko kuwa ta zarce ta da nisa, to an yi tuntuɓe a ninkawa, sai a sake.

Rabin zurfi ba rabin ruwa ba ne

Ba a cika ɗaukar bokiti cike har baki ba, don haka abin da ya fi amfani shi ne sanin ruwan da yake ciki a kowane matsayi. Ƙa'idar ba ta canza ba. Sai dai a ɗauki fuskar ruwan a matsayin baki, a ɗauki zurfin ruwan a matsayin zurfi.

Faɗin fuskar ruwan ana iya auna shi da kara, ana kuma iya lissafa shi, tun da bangon miƙaƙƙe ne. A bokitin Gwange faɗi yana ƙaruwa da santimita 8 a cikin 28, watau santimita 2 a kowane 7. In ruwa ya kai rabin zurfi, santimita 14, faɗin fuskarsa 26 ne. Lambobi ukun su ne 676 da 572 da 484, jimla 1,732. Sau 14, sau 11, a raba da 42, ya ba da 6,351. Ke nan rabin bokitin na ƙasa yana ɗauke da lita 6 da sulusi, na sama kuwa lita 8 da sulusi biyu. Wanda aka ce ya kawo rabin bokiti, ya tsaya a tsakiyar bango, bai kawo lita 7 da rabi ba. Ya gaza da fiye da lita ɗaya.

In an kasa zurfin kashi huɗu, ga yadda ruwan yake hawa:

Zurfin santimita 7, lita 2.9
Zurfin santimita 14, lita 6.4
Zurfin santimita 21, lita 10.4
Zurfin santimita 28, lita 15.0

Kashin ƙasa bai kai lita 3 ba, kashin sama kuwa ya wuce lita 4 da rabi. Wannan yana da muhimmanci ga mai sayen ruwa. In an bar santimita 3 daga baki, faɗin yatsu biyu ke nan, don kada ya fantsama a hanya, zurfin ruwan 25 ne, kuma lissafi zai nuna lita 13 saura kaɗan. Yatsu biyun nan sun cinye lita 2.

Daga wannan jeri kuma ana iya samun alamar lita 10. Tana ƙasa da 21 kaɗan, kuma in an gwada 20 da rabi za a ga ta fito daidai. Sai a tsayar da kara, a auna santimita 20 da rabi daga gindi, a ja layi da fenti a waje ko a ƙarce da ƙusa. Daga ranar bokitin ya zama ma'auni.

Inda ƙa'idar ba ta aiki

Ƙa'idar ta ginu a kan sharuɗɗa uku: baki da gindi su zama da'ira, gindi ya zama shimfiɗaɗɗe, bango kuma ya miƙe daga gindi zuwa baki ba tare da ciki ba. Ana gane na ukun ta hanyar jingina rula a bangon daga waje ko daga ciki. In ta kwanta ba rata, ƙa'idar za ta yi aiki.

Ƙwarya da tulu da randa ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba, don haka kada a gwada musu. Daro da wasu bahunan roba suna tsaka-tsaki: bangonsu ya ɗan kumbura waje, gindinsu ya lanƙwasa. A irinsu ƙa'idar takan ba da amsa ƙasa da gaskiya, domin ba ta ƙirga ruwan da yake cikin kumburin ba. Maganin wannan shi ne a kasa mazubin gida biyu. A auna faɗi a rabin zurfi, a lissafa ɓangaren ƙasa shi kaɗai, a lissafa na sama shi kaɗai, a tara. In bokitin ƙarfe ya lotsa har bakinsa ya zama kamar ƙwai, sai a auna inda ya fi faɗi da inda ya fi tsukewa, a ɗauki matsakaici.

Kowane lissafi yana son shaida, kuma shaidar wannan ba ta da tsada. Babbar gorar ruwan roba da aka rubuta wa lita 1.5, in an juye ta sau 10, ya kamata ta kawo bokitin Gwange baki. Wanda yake da sikeli kuma yana iya auna bokitin babu kome, ya sake aunawa cike. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, don haka bambancin zai zama kilo 15. In shaida da lissafi sun saɓa da fiye da rabin lita, to a koma kan awo, musamman faɗin baki.

Abin da lissafin ya canza a gidan

A komo ga magidancin Gwange, a ce an ba shi ƙwayoyin da aka rubuta wa lita 20 kowace. In ya ɗauka bokitinsa mai lita 20 ne, zai jefa ƙwaya ɗaya a ruwan da a gaskiya lita 13 ne, tun da bai cika baki ba. Maganin ya wuce ƙima da rabi. Ruwan zai yi wari da ɗanɗanon kulorin, yara su ƙi sha, uwar gida ta ce maganin ba shi da kyau, a koma shan ruwan da ba a sa wa kome ba. In kuma ya juya ya jefa ƙwaya ɗaya a bahon nan mai kusan lita 30, ƙarfin maganin ya ragu zuwa kashi biyu cikin uku na yadda aka tsara. Wannan ya fi haɗari, domin ruwan ba ya nuna alama. Mutanen gida za su sha da kwanciyar hankali, alhali kariyar ba ta cika ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa bayan minti 30 da sa magani, ya kamata a sami saura aƙalla rabin miligiram na kulorin a kowace lita, kuma yawan litar da aka rubuta a takardar an tsara shi ne don a kai wannan.

Da ya san awonsa, aikin ya yi sauƙi. Ya cika bokiti zuwa layin lita 10 sau biyu, ya juye a tsabtatacciyar jarka ko mazubi mai murfi, ya jefa ƙwaya ɗaya, ya girgiza, ya jira minti 30. In ruwan ya yi duhu da laka, kamar na bayan ambaliya, sai a bar shi ya kwanta a tace da tsabtataccen ƙyalle tukuna, a kuma bi abin da takardar ta faɗa game da irinsa, domin laka tana cinye maganin. Ƙwayoyin kuma girma-girma ne, saboda haka kullum a karanta litar da take jikin wadda ke hannu.

Haka lissafin yake taimako wajen tanadin ruwan yini. Ƙungiyoyin agaji sun sa lita 15 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake bukata a rana a lokacin annoba ko gudun hijira, don sha da girki da tsabta. Gida mai mutum 8 yana bukatar lita 120. Mai zaton bokitinsa lita 20 ne zai sa a ɗebo 6, ya ce ya gama, alhali ruwan da ya shigo lita 78 ne. A gaskiya sai an ɗebo 9 da ɗan ƙari.

Gwaji

Mai karatu ya gwada waɗannan biyu kafin ya duba amsa. Na ɗaya, bokiti mai faɗin baki 28, faɗin gindi 20, zurfi 21. Na biyu, baho mai faɗin baki 50, faɗin gindi 30, zurfi 21.

A na ɗaya lambobi ukun su ne 784 da 560 da 400, jimla 1,744, amsar kuwa mililita 9,592, watau lita 9.6. A na biyu su ne 2,500 da 1,500 da 900, jimla 4,900, amsar mililita 26,950, watau lita 27 saura kaɗan. Wanda ya sami lita 41 a na biyu, da faɗin baki kaɗai ya yi aiki. Wanda ya sami 26.4, gajeriyar hanya ya bi.

Bayan waɗannan, sai a ɗauko bokitin gida da bahon gida, a auna su sau ɗaya da natsuwa, a tabbatar da gora ko sikeli, a rubuta litar a jikinsu da fenti, a ja layin lita 10 inda kowa zai gani. Aikin ba zai wuce rabin sa'a ba, kuma ya fi kyau a yi shi da rani, tun kafin damina ta kawo ranar bukatarsa.